Hurumin Kotu: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Shirin Kai Ƙara

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, idan rikici ya fi ƙarfin mai unguwa da dagaci, abin da aka fi yi shi ne a nufi kotun da ta fi kusa, ko wadda kuɗin mota zuwa gare ta ya fi sauƙi. Sau da yawa ana dacewa. Wani lokaci kuwa sai an shekara uku ko huɗu ana zarya, an kira shaidu, an yi rantsuwa, an yanke hukunci, sannan wata kotu ta sama ta ce duk abin da aka yi babu shi, domin kotun da ta saurari maganar ba ta da hurumi. Tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan kalma suke, kuma an fi ba da ƙarfi ga rikicin gona, domin a nan ne aka fi yin ɓatan kai.

Mene ne ake nufi da hurumin kotu?

Hurumi shi ne ikon da doka ta bai wa kotu na ta saurari wata irin ƙara, a kan wasu irin mutane, a cikin wani yanki, kuma ta yanke hukuncin da dole a bi. Kalmar ba baƙuwa ba ce ga mutumin karkara, wanda ya san hurumin gari da hurumin maƙabarta, wato fili mai iyaka da aka keɓe don wani abu. Haka kowace kotu take da iyakarta. A cikin iyakar, maganar alƙali hukunci ce. A wajenta kuwa, maganarsa ba ta fi ra'ayin kowane mutum mai ilimi ba, ko da a kan kujerar shari'a ya faɗe ta.

Daga ina kotu take samun wannan iko?

Daga Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, da kuma dokokin da majalisu suka yi a ƙarƙashinsa. Babu kotun da take ƙirƙira wa kanta hurumi.

Kundin ya rarraba aikin da kansa. Sashe na 272 ya bai wa Babbar Kotun Jiha hurumi mai faɗi a kan ƙararrakin haƙƙi da na laifi. Sashe na 251 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya wasu al'amura, kamar kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kwastan, da sha'anin ma'adinai. Sashe na 254C ya keɓe rikicin aiki da albashi da sallama ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, saboda haka malamin firamare da aka sallama ba bisa ƙa'ida ba, can ne wurin kukansa. Sashe na 277 kuma ya fayyace abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci za ta saurara.

Kotunan da suka fi kusa da mutanen karkara, wato Kotunan Shari'ar Musulunci da Kotunan Majistare, dokokin jiha ne suka kafa su. A Kano da Jigawa, Kotunan Shari'ar Musulunci sun maye gurbin tsofaffin Kotunan Yanki bayan dokokin shekara ta 2000, ko da yake har yanzu dattawa kotun alƙali suke ce musu.

Ta yaya ake gane cewa kotu tana da hurumi a kan wata ƙara?

Ma'aunin da kotunan Najeriya suke amfani da shi har yau ya fito ne daga hukuncin shari'ar Madukolu da Nkemdilim a 1962. Sharuɗɗa uku ne, kuma sai sun cika gaba ɗaya.

Na farko, kotun ta zauna yadda doka ta ce, da adadin alƙalan da ake bukata, masu cancantar da ake bukata. Alƙali ɗaya ya isa ya saurari ƙarar da aka fara a Babbar Kotun Jiha, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci sai da aƙalla alƙalai uku, kamar yadda sashe na 278 ya tanada. Idan biyu suka zauna suka yanke hukunci a kan ɗaukaka ƙara, hukuncin bai inganta ba, komai zurfin karatunsu.

Na biyu, abin da ake jayayya a kansa ya kasance cikin abubuwan da doka ta ba kotun, kuma babu wani abu a cikin ƙarar da ya hana ta saurara.

Na uku, ƙarar ta shigo ta hanyar da doka ta shimfiɗa, bayan an cika duk sharaɗin da ya wajaba a cika kafin shigarwa. A nan ne maganar sammaci take shigowa. Idan ba a kai wa wanda ake ƙara sammaci ba, aka yi shari'a a bayan idonsa bai ma san ana yi ba, kotu ba ta sami iko a kansa ba tun farko. Haka nan akwai hukumomin gwamnati da dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a maka su a kotu.

Idan alƙali ya saurari shaidu da kyau, kuma ya ba mai gaskiya gaskiyarsa, me ya sa za a rushe hukuncin don kawai an yi kuskuren kotu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci wa mutane rai, kuma takaicin da ke cikinta abin fahimta ne. Amsar ita ce, abin da ya bambanta hukunci da shawara shi ne ƙarfin hukuma da ke bayansa. Da hukunci ake fitar da mutum daga gonar da yake nomawa, a yi gwanjon dabbobinsa, a raba aurensa, a tsare shi a gidan gyaran hali. Ba a yarda kowa ya yi wa ɗan ƙasa irin wannan ba sai wanda doka ta ba izini, kuma a kan abin da ta ba shi izinin kaɗai. Idan aka ce ingancin sakamako ya wadatar, to kowace kotu za ta iya janyo kowace ƙara zuwa gabanta, mai ƙarfi kuma ya riƙa zaɓen alƙalin da ya san zai saurare shi.

Malaman fiƙihu ma sun daɗe da sanin wannan. Alƙali wakilin shugaba ne, kuma shugaba yana iya taƙaita wakilcinsa ga wani gari, ko ga wata irin shari'a, ko ga wani adadi na dukiya. Abin da ya hukunta a wajen abin da aka wakilta shi ba ya zartuwa. Misali mafi kusa shi ne na ɗaurin aure: idan wanda ba waliyyi ba, kuma ba a wakilta shi ba, ya tashi ya ba da auren yarinya, yawan jama'ar da suka halarta da yawan goron da aka raba ba su gyara komai.

Shi ya sa kotuna suke cewa shari'ar da aka yi ba tare da hurumi ba ɓatacciya ce daga tushe, komai kyan yadda aka gudanar da ita. Kotun sama ba ta ma shiga tantance wane ne mai gaskiya. Ta tarar da abin da ba hukunci ba ne, sai ta bayyana hakan.

Rikicin gona fa, wace kotu ce take da hurumi a kansa?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ce ta tsara wannan, kuma ta raba filaye gida biyu. Akwai filin da ke ƙarƙashin haƙƙin mallakar da Gwamna yake bayarwa, wanda ya haɗa da filayen da ke cikin yankin da Gwamna ya ayyana a matsayin birni. Sashe na 39 na dokar ya ce Babbar Kotun Jiha ce kaɗai za a fara kai wa ƙarar mallakar irin wannan fili. Akwai kuma filin karkara da ke ƙarƙashin haƙƙin mallaka na gargajiya, wanda ƙaramar hukuma take kula da shi. Sashe na 41 ya bai wa Kotun Yanki, ko wadda take daidai da ita, hurumi a kansa, kuma a wurinmu Kotun Shari'ar Musulunci ce ta gaji wannan matsayi.

An daɗe ana taƙaddama a kan ko Babbar Kotun Jiha tana iya sauraron ƙarar gonar karkara tun daga farko. Kotun Ƙoli ta warware wannan a shekara ta 2000, a shari'ar Adisa da Oyinwola, inda ta ce tana iyawa. Saboda haka mai gonar ƙauye yana da ƙofa biyu a buɗe, mai fili a birni kuwa ƙofa ɗaya gare shi.

Akwai abu biyu da suke yaudarar mutane a nan. Na ɗaya, ba ido ne yake tantance birni da ƙauye ba, takardar ayyanawar Gwamna ce. Gonar da ke gefen hedikwatar ƙaramar hukuma, ana shuka gero a cikinta kowace damina, tana iya kasancewa cikin yankin birni a idon doka. Na biyu, Gwamna yana iya ba da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da satifiket, a kan fili ko da a karkara yake. Da zarar abokin shari'arka ya fito da irin wannan takarda, maganar mallakar filin ta koma hannun Babbar Kotun Jiha.

Gonar mahaifinmu ce, ya rasu ya bar mana. Ashe ba maganar gado ba ce, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci za ta saurara idan an ɗaukaka ƙara?

Ba kullum ba. A nan ne aka fi asarar shekaru, don haka bari a bi misali ɗaya daki-daki.

A ce wani manomi a wani ƙauye na ƙasar Ringim ya rasu ya bar gona mai eka huɗu a hannun maƙwabcinsa. 'Ya'yan mamacin suka ce jingina ce: a wata shekarar da damina ta yi gardama mahaifinsu ya karɓi buhu shida na gero, ya ba da gonar a riƙe har ya biya. Maƙwabcin ya ce sam, saye ya yi, a gaban shaidu. Babban ɗan ya kai ƙara Babbar Kotun Shari'ar Musulunci, ya ce wa alƙali: "Allah gafarta Malam, gonar gadonmu ce nake nema a hannun wannan bawan Allah." Gonar ta karkara ce, babu satifiket a kanta, ɓangarorin biyu Musulmi ne. Har nan babu matsala, kotun tana da hurumi. Ta saurari shaidu, ta je ta ga gonar da iyakokinta, ta ba magada gaskiya.

Maƙwabcin bai gamsu ba. Da yake ya ji ana ta ambaton gado, kuma daga kotun Musulunci aka fito, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke Dutse. A ce kotun ta saurara, ta juya hukuncin, ta ba shi gonar. Magadan suka wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Abin da wannan kotu za ta fara tambaya, tun kafin ta duba shaidar kowa, shi ne: a kan me ake jayayya tun asali?

Sashe na 277 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga abin da ya shafi aure da rabuwarsa, dangantakar iyali, riƙon yara da kula da marasa hankali, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. A misalinmu babu wanda yake musun cewa waɗannan yara su ne magadan mamacin, babu kuma mai jayayya a kan kason kowannensu. Abin da ake musu a kai shi ne ko gonar tana cikin dukiyar mamacin ma a ranar da ya rasu, ko kuwa ya riga ya sayar da ita. Wannan jayayyar mallakar ƙasa ce tsakanin magada da bare, ciniki ko jingina, kuma ba ta cikin jerin da sashen ya lissafa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan matsayi a shari'ar Magaji da Matari a shekara ta 2000. Ambaton kalmar gado a bakin mai ƙara ba ya mayar da shari'ar ta gado.

Sakamakon haka, za a soke hukuncin da aka yi a Dutse gaba ɗaya, ba don an ce alƙalan sun yi kuskure wajen auna shaidu ba, sai don ba wurinsu ya kamata a je ba. Ɗaukaka ƙarar maƙwabcin ta Babbar Kotun Jiha ce, a zamanta na sauraron ɗaukaka ƙara. Can za a koma a faro, bayan kowane ɓangare ya sayar da awaki ya biya lauya da kuɗin kwafin shari'a.

Yanzu a sauya abu ɗaya a cikin misalin. A ce babu maƙwabci, gonar tana hannun babban ɗan, ƙanwarsa ce ta kai ƙara tana cewa: "Yaya ya riƙe gonar Baba shekara tara, ya hana a raba a ba ni kasona." Wannan gado ne tsantsa. Ko da yayan ya kare kansa da cewa mahaifinsu ya ba shi gonar kyauta tun yana da rai, maganar ba ta fita daga sashe na 277 ba, domin kyautar Musulmi tana cikin jerin. A wannan hali Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ce wurin zuwa, wanda ya nufi Babbar Kotun Jiha kuma shi ne ya ɓata hanya. Gona ɗaya, iyali ɗaya, amma hanya biyu, gwargwadon abin da ake nema da wanda ake nema a hannunsa.

To da me kotu take auna irin ƙarar da ke gabanta?

Da abin da mai ƙara ya nema, ba da abin da wanda ake ƙara ya kare kansa da shi ba. A Babbar Kotun Jiha ana duba takardun da lauya ya shigar. A Kotun Shari'ar Musulunci, inda mutum yake faɗin da'awarsa da baki a rubuta, kotun sama tana karanta kwafin shari'ar gaba ɗaya don ta gano ainihin abin da ake jayayya a kai, ba ta tsaya ga kalma ɗaya ba. Saboda haka yana da kyau mai ƙara ya nemi a karanta masa da'awarsa kamar yadda aka rubuta ta, tun a zaman farko.

Idan ni da abokin shari'ata mun yarda wannan alƙalin ya yi mana hukunci, yardarmu ba ta isa ba?

Ba ta isa ba. Mutum biyu ba sa iya ba kotu abin da doka ta hana ta, kamar yadda ba sa iya ƙwace mata abin da doka ta ba ta. Shiru ma ba ya gyarawa. Wanda ya halarci zama ashirin bai ce uffan ba, yana iya tayar da maganar hurumi bayan ya sha kaye, kuma dole a saurare shi. Wannan yana da ɗaci ga wanda ya yi nasara, amma haka dokar take.

Sai dai a bambanta wannan da ƙananan kurakuran tsari, waɗanda doka ta sanya don amfanin ɓangare ɗaya. Hukumar da ba a ba ta sanarwa kafin ƙara ba, idan ta shigo ta ci gaba da shari'a ba ta yi ƙorafi a kan lokaci ba, ana iya ɗauka ta yafe haƙƙinta. Akwai kuma inda dokar da kanta ta sa yarda ta zama sharaɗi: Kotun Shari'ar Musulunci tana da hurumi a kan Musulmi, wanda ba Musulmi ba kuwa sai ya amince. A garuruwan da Musulmi suke maƙwabtaka da Maguzawa ko Kirista, wannan abin lura ne, kuma ya kamata amincewar ta kasance a rubuce cikin kwafin shari'a.

Ina zaune a Dambatta, gonar tana ƙasar Kazaure. Zan iya kai ƙara a kotun garinmu?

A'a. Ƙarar mallakar ƙasa tana bin inda ƙasar take. Kafin 27 ga Agusta 1991 Dambatta da Kazaure jiha ɗaya suke, amma tun da aka ƙirƙiro Jigawa, kotun Jihar Kano ba ta da iko a kan gonar da ke cikin Jigawa, ko da tafiyar minti goma ce daga ƙofar kotun, ko da kuma masu shari'ar duka mutanen Kano ne. Bashi da ciniki suna da sassauci fiye da haka, domin galibi ana duba inda wanda ake ƙara yake zaune ko inda aka ƙulla cinikin. Laifi kuma ana shari'arsa ne a jihar da aka aikata shi.

Majistare, 'yan sanda, dagaci da hakimi fa? Suna iya yanke wa ya mallaki gona?

Kotun Majistare ba ta yanke hukuncin mallakar ƙasa. Dabarar da wasu suke yi ita ce su kai ƙarar laifin shiga gona ba izini, da fatan idan aka hukunta abokin jayayya, shi ke nan gona ta zama tasu. Ba haka ba ne. Idan ya bayyana cewa wanda ake tuhuma yana da'awar gonar da zuciya ɗaya, maganar mallaka sai an kai ta kotun da take da hurumi. Haka nan a manyan laifuffuka irin su kisan kai, Majistare yana iya ba da umarnin tsare wanda ake zargi na wani lokaci, amma ba shi zai yi shari'ar ba.

Ofishin 'yan sanda ba kotu ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin haƙƙi kawai ko saɓa yarjejeniya, saboda haka takardar da aka sa wani ya sa wa hannu a caji ofis cewa ya bar gona ba hukunci ba ce.

Mai unguwa, dagaci da hakimi aikinsu sulhu ne, haka ma Hisba. Sulhunsu yana da daraja ƙwarai, sau da yawa ya fi shari'a sauƙi da dawwama, kuma idan ɓangarorin biyu suka je da son ransu suka karɓi abin da aka yanke, kotu tana iya riƙe su a kansa daga baya. Abin da ba su da shi shi ne ikon tilasta wa wanda ya ƙi.

Yaushe ake tayar da maganar hurumi, kuma yaya ake yi?

A kowane mataki, har a Kotun Ƙoli a karon farko, kuma alƙali da kansa yana iya tayar da ita, sai dai ya ba ɓangarorin dama su yi bayani kafin ya yanke. Amma mai hankali tun ranar farko yake yi, kafin a kashe kuɗi.

A Kotun Shari'ar Musulunci ba ya bukatar dogon turanci. Bayan an karanta da'awa an tambaye ka amsarka, sai ka ce: "Allah gafarta Malam, kafin in amsa, ina da suka a kan hurumin wannan kotu," sannan ka faɗi dalili, misali gonar tana wata jiha, ko akwai satifiket na Gwamna a kanta, ka miƙa kwafinsa. Ka tabbatar an rubuta sukar. Kowace kotu tana da ikon duba ko tana da hurumi, kuma wajibi ne ta warware wannan kafin ta yanke hukunci a kan gundarin ƙarar. Wannan ba raina alƙali ba ne, kuma alƙalin da ya san aikinsa ba ya ɗaukarsa haka.

Kotu ta ce ba ta da hurumi a kan ƙarata. Na faɗi shari'ar ke nan?

Ba ka faɗi ba. Kotun da ba ta da hurumi ba ta da ikon cewa ba ka da gaskiya, kamar yadda ba ta da ikon cewa kana da ita. Abin da take yi shi ne ta cire ƙarar daga gabanta, kai kuma ka shigar da ita a inda ya dace. Wannan ya bambanta da korar ƙara bayan an saurari shaidu, wadda take rufe ƙofar sake kawo maganar. A wasu wurare doka ta ba da damar a tura ƙarar kai tsaye, kamar yadda Babbar Kotun Tarayya take iya mayar da ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha.

Haɗarin yana wurin lokaci. Wasu ƙararraki suna da wa'adin shigarwa, kuma ƙarar da ta shafi abin da jami'in gwamnati ya yi a bakin aikinsa wa'adinta gajere ne ƙwarai, wata uku a ƙarƙashin dokar kare jami'an gwamnati. Shaidu ma ba sa jira. Dattijon da ya ga ranar da aka auna geron jingina yana iya rasuwa kafin a dawo kotun da ta dace.

An yanke mini hukunci, kuma na tabbata kotun ba ta da hurumi. Zan iya ƙin bi, in ci gaba da noma gonata?

Kada ka yi haka. Ba kai ne za ka yanke cewa hukuncin ɓatacce ne ba, kotu ce. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Rossek da bankin ACB a 1993 cewa umarnin kotu yana nan daram, ana bin sa, har sai an soke shi. Wanda ya ɗauki garma ya koma gonar da aka hana shi yana iya samun kansa a tsare saboda raina kotu, alhali da ya bi hanya da ya yi nasara.

Hanyar ita ce ka nemi kwafin shari'a da na hukunci a wurin magatakardan kotu, ka ɗaukaka ƙara cikin wa'adi, ka sanya rashin hurumi a matsayin dalilinka na farko, sannan ka nemi a dakatar da zartar da hukuncin har a gama sauraro, domin ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta dakatar da zartarwa. Daga ƙananan kotuna wa'adin galibi kwana 30 ne. Zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya kuwa wata uku ne a kan hukuncin ƙarshe na ƙarar haƙƙi, kwana 14 a kan hukuncin tsakiyar shari'a. Wanda ya makara yana iya roƙon ƙarin lokaci, amma sai ya kawo dalili mai ƙarfi.

Me ya kamata in tantance kafin in biya kuɗin shigar da ƙarar gona?

Ka fara da faɗa wa kanka, a jimla ɗaya, abin da kake nema da wanda kake nema a hannunsa: rabon gado tsakanin 'yan uwa ne, ko karɓo gona daga hannun wanda ya ce ya saya. Amsar ita ce za ta nuna maka hanyar ɗaukaka ƙara tun kafin a fara. Sannan ka tabbatar da jihar da ƙaramar hukumar da gonar take, musamman idan tana bakin iyaka. Ka je sashen filaye na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar ƙasa ta jiha ka tambaya ko wurin yana cikin yankin da aka ayyana birni, ko kuma an taɓa fitar da satifiket a kansa. Idan abokin jayayyarka hukuma ce, ka ga lauya kafin ka taka ƙofar kotu, saboda maganar sanarwa da wa'adi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda take da ofis a Kano da Dutse. Bayan an shigar da ƙarar kuma, ka bibiyi ma'aikacin da aka ba sammaci har ka ga shaidar cewa ya isa hannun wanda ake ƙara, kuma an saka shaidar a cikin fayil.